Jimla Uku Ake Haddacewa, Saura Kunne Ne: Isar da Mummunan Labari Cikin Minti Takwas

A cikin ɗakunan jarrabawar aikin likita, ɗakin da ake isar da mummunan labari yana cikin waɗanda ɗalibai suka fi fargaba. Ba don karatunsa ya fi sauran wuya ba. Abin da ake so a faɗa yakan kasance a rubuce a jikin ƙofa tun kafin a shiga. Wahalar tana wajen buɗe baki. Ɗalibi ya san cewa sakamakon gwaji ya nuna sankara, ga mace zaune tana kallonsa, agogo yana tafiya, sai kalmar ta maƙale masa a wuya. Daga nan ɗalibai suke rabuwa gida biyu. Wasu sun haddace hirar gaba ɗaya tun daga sallama har bankwana. Wasu kuma sun ƙi haddace komai, suna cewa tausayi daga zuciya yake fitowa. Duka biyun suna zubar da maki, kowanne ta ƙofarsa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ɗalibi ya shiga da tsarin matakai a kansa da jimla uku kacal a bakinsa, ya bar sauran maganar ta fito daga abin da maras lafiya ya ce.

Ɗakin da ake magana a kai

Salon jarrabawar da ake kira OSCE, wanda makarantun da ke koyarwa da Faransanci suke kira ECOS, ya samo asali ne daga aikin Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotilan, waɗanda suka bayyana shi a 1975. Ɗalibi yana zagaya ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaki da aikinsa da lokacinsa. Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne PLAB 2, jarrabawar da hukumar rajistar likitoci ta Birtaniya, GMC, take yi a Manchester ga likitocin da suka yi karatu a waje, ciki har da masu zuwa daga Gana da Sudan da Nijeriya. Ɗakuna 16 ne, kowanne minti 8, da minti ɗaya da rabi na karanta umarni a bakin ƙofa. A ciki akwai ɗan wasa da aka horar ya kwaikwayi maras lafiya, da mai ba da maki wanda yake kallo. Ana auna abu uku: tattara bayani, tsara abin da za a yi wa maras lafiya, da kuma yadda likita yake mu'amala da shi.

Cikin bayanan da hukumar take mayar wa ɗalibai a kan inda suka gaza, akwai biyu da suka shafi wannan batu kai tsaye. Ɗaya yana magana a kan hirar da ba ta da tsari, wadda tambayoyinta suka zo a hargitse. Ɗayan yana magana a kan rashin kula da halin da maras lafiya yake ciki, kuma ya ambaci amfani da jimlolin da aka haddace aka saba jefawa. Wanda bai shirya komai ba yana faɗawa ramin farko, wanda ya haddace komai yana faɗawa na biyu.

Matakai shida da dalilin jerinsu

Tsarin da aka fi koyarwa shi ne SPIKES, wanda Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar The Oncologist a 2000. Buckman likitan sankara ne da ya yi aiki a Toronto, kuma tun 1992 ya rubuta littafi a kan wannan batu. A wurinsa mummunan labari shi ne duk bayanin da zai sauya yadda mutum yake hangen gobensa, ya mayar da shi mafi muni.

Mataki na farko shirya wuri ne: a zauna, a tabbatar da wanda ake magana da shi, a tambaya ko yana son wani nasa ya kasance tare da shi. Na biyu, a gano abin da ya riga ya sani da abin da yake zato. Na uku, a nemi izininsa, a ji iya abin da yake son ji yau. Na huɗu, a faɗi labarin, bayan an yi gajeren gargaɗi. Na biyar, a karɓi abin da ya taso masa a zuciya. Na shida, a tsara abin da zai biyo baya, a taƙaita.

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar waɗannan matakai kamar akwatuna shida da za a cika don mai ba da maki ya gani. Amfaninsu na gaskiya yana cikin jerinsu, domin kowane mataki shi ne yake ba likita abin da zai yi na gaba da shi. Likitan da bai san abin da mace take zato ba, bai san nisan da ke tsakanin zatonta da gaskiya ba, don haka bai san yawan gargaɗin da take buƙata ba. Wadda ta shigo tana cewa tun da aka ɗebi naman take tsoron sankara, jimla ɗaya ta ishe ta shiri. Wadda ta shigo tana dariya tana cewa ta san maruru ne kawai, tana buƙatar a taka da ita sannu. Haka kuma bayanin magani ba ya shiga kunnen mai kuka, shi ya sa na biyar ya riga na shida. Ɗalibin da ya gane wannan ba ya ruɗewa idan ƴar wasa ta tsallake mataki ta tambaye shi kai tsaye tun minti na farko, domin ya san tambayarta ita ce izinin da mataki na uku yake nema.

Jimlolin da suka cancanci haddacewa

Akwai wurare uku a cikin hirar inda maras lafiya bai riga ya ba likita abin mayar da martani a kai ba, kuma a nan ne tsoro ya fi ƙulle harshe. Su ne suka cancanci a shirya musu jimla tun daga gida, da harshen da za a yi jarrabawar da shi, a maimaita ta da baki har ta zama kamar ta mai ita.

Ta farko ita ce ta buɗewa, bayan gaisuwa da gabatar da kai da tabbatar da suna da shekaru. Ma'anarta ba ta wuce: "Na san kin zo ne don sakamakon gwajin da aka yi miki. Kafin mu shiga cikinsa, ina so in ji daga bakinki abin da ya faru zuwa yanzu da abin da aka gaya miki." Wannan jimla tana ɗauke magana daga bakin likita ta miƙa wa maras lafiya, kuma daga amsarta ake samun kalmomin da za a yi sauran hirar da su.

Ta biyu ita ce ta gargaɗi: "Sakamakon ya fito, kuma ina baƙin cikin cewa ba abin da muka yi fata ba ne." Bayan ta sai a ɗan dakata, numfashi ɗaya ko biyu. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Mai kai saƙon rasuwa yakan fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, a zo gida, don zuciya ta shirya kafin ta ji sauran. Bambancin shi ne a ɗakin likita tazarar da ke tsakanin gargaɗi da gaskiya ta daƙiƙu ce. Gargaɗin da aka maimaita sau uku ba tare da an faɗi labarin ba ya tashi daga tausayi ya koma azabtarwa.

Ta uku ita ce labarin kansa, kuma dole sunan ciwon ya fito a cikinta: "Gwajin naman da aka ɗeba ya nuna sankarar mama ce." Gajeriya ce, ba ta da kalmar asibiti da sai an fassara, ba ta da "wataƙila" idan sakamakon ba shi da wataƙila. Ita ce jimlar da ta fi buƙatar maimaici, domin ita ce ɗalibai suke gudu. Sai ka ji an ce an ga wasu ƙwayoyin da ba su yi daidai ba, ko an ga wani tsiro da ke buƙatar kulawa. Ƴar wasa an horar da ita ta kama wannan, za ta ce, "To, ba wani abu ba ne mai tsanani ke nan?" Daga nan ɗalibi ya jawo wa kansa aikin isar da labarin sau biyu, na biyun bayan ya riga ya sa mata rai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hira guda, minti bayan minti

A ɗauka umarnin bakin ƙofa ya ce: mace mai shekara 46 ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, an duba ta, an ɗauki hoto, an ɗebi ɗan nama da allura aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna sankara, kai ƙaramin likita ne a sashen tiyata, ka yi mata bayani ka amsa damuwarta. Minti ɗaya da rabin nan na bakin ƙofa, abu biyu ake nema a cikinsa: abin da takardar ta tabbatar, da abin da ba ta faɗa ba. A nan ta tabbatar da sunan ciwon, ba ta ce komai a kan ko ya bazu ba. Wannan iyakar ita ce za ta tsare ɗalibi daga ƙarya daga baya.

Minti na farko ya tafi a gaisuwa, da tabbatar da ita ce, da tambayar ko da wani ta zo. Ta ce ita kaɗai ce, mijinta yana wurin aiki, a ci gaba. Ɗalibi ya faɗi jimlarsa ta farko. Ta ba da labarin ƙullutun, ta ƙara da cewa yayarta ta taɓa yin irinsa aka ce ruwa ne kawai. Wannan ƙarin shi ne abu mafi muhimmanci da ta faɗa, domin ya nuna tana jingine da fatan nata ma haka ne. Ɗalibin da yake jiran lokacin jimlarsa ta gaba ba zai ji shi ba. Wanda yake saurare zai tambaya, "Ko akwai abin da ya fi damunki game da shi?" Ta ce tana ƙoƙarin kada ta yi tunanin abu mafi muni. Sai ya nemi izini a sauƙaƙe: ko tana so ya yi mata bayanin sakamakon yanzu, dalla-dalla. Ta ce e.

Kafin minti na uku ya cika, ya kamata gargaɗi da labarin sun fita. Wannan ma'auni ne mai amfani ga mai atisaye: idan agogo ya kai minti huɗu ba a ambaci sunan ciwon ba, abin da ya rage ba zai ishi kuka da tambaya da tsari ba. Kuskuren da ke jawo jinkirin sananne ne. Ɗalibi yana fakewa da tambayoyin tarihin ciwo, yaushe ta fara al'ada, ƴaƴa nawa ta shayar, tana shan taba ko ba ta sha, domin a nan ya fi jin ƙafarsa a ƙasa. Alamar hakan ita ce ƴar wasa ta katse shi ta ce, "Likita, me gwajin ya nuna?"

Bayan jimla ta uku sai shiru. Ta sunkuyar da kai, ta fara hawaye. Daƙiƙa goma na shiru a wannan wuri suna yi wa ɗalibi tsawon wuni, kuma a nan ne yawanci suke tsoma baki da bayanin tiyata don su tsere wa nauyin. Abin yi shi ne a zauna, a matso mata da takardar share hawaye idan akwai, a jira ta ɗago ko ta yi magana. Ta ce, "Amma na yayata ba komai ba ne." Amsar da ta dace daga maganarta za ta fito: "Kin shigo da fatan naki ma irin nata ne. Wannan labari ya zo miki da nauyi ƙwarai." Babu wanda zai iya haddace wannan amsa a gida, domin ba wanda ya san za a ambaci yaya. A gefe guda, ɗalibin da ya ce ya fahimci yadda take ji, sannan ya sake faɗin haka bayan minti ɗaya da murya iri ɗaya, ya nuna wa mai ba da maki ainihin abin da aka ce a guje wa.

Wajen minti na biyar tambaya mai wuya takan zo: "Mutuwa zan yi? Ina da yara biyu." A nan al'ada tana jan harshe zuwa ga kwantar da hankali, a ce in sha Allah babu komai, za a warke. Addu'a da fatan alheri suna da wurinsu tsakanin mutane, amma alkawarin da takarda ba ta ba da hujjarsa ba kuskure ne a jarrabawa, kuma cin amana ne a asibiti, domin magana zarar bunu ce. Kuskuren da ke ɗaya gefen shi ne a jero mata alƙaluma da ba a san sun shafe ta ba. Amsar gaskiya tana da ɓangare uku. Abin da aka sani shi ne sankara ce. Abin da ake jira shi ne a san irinta da girmanta da ko ta taɓa kaluluwar hammata, kuma sai an san wannan za a iya maganar abin da ke gaba. Abin da yake tabbas shi ne sankarar mama tana da magunguna masu aiki, kuma mata da yawa suna warkewa, musamman idan an gano ta da wuri. Sannan a koma ga abin da ta ambata, a tambayi shekarun yaran da wanda yake taimaka mata da su.

Idan aka sanar saura minti biyu, lokacin tsari ya yi. A nemi izini kuma, ko tana iya jin abin da zai biyo baya yanzu. A ba ta shi kaɗan-kaɗan: ƙwararru daga sassa daban-daban za su zauna a kan sakamakonta su ba da shawarar magani, za a gwada naman a ga ko ciwon yana amsa maganin da ke toshe sinadarin jikin mace, maganin yakan haɗa da tiyata, wani lokaci da gashin haske ko ƙarin ruwan maganin sankara ko ƙwayoyi, gwargwadon abin da aka gano. A gaya mata za a haɗa ta da ma'aikaciyar jinya ta musamman da za ta iya kira, a ba ta bayani a rubuce, a ba ta shawarar ta zo da mijinta ko wani nata a zama na gaba. A tambaye ta yadda za ta koma gida yau da wanda za ta tarar a can. A ƙarshe a nemi ta faɗi abin da ta fahimta, domin ta haka ake gane ko labarin ya isa.

Abin da masu adawa da haddacewa suke faɗa

Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa duk jimlar da aka maimaita sau ɗari takan mutu a baki, kuma mai ba da maki da ya ji ɗalibai da yawa a rana ɗaya yana gane muryar kwas ɗin share fage tun daga kalma ta uku. Gaskiya ne. Amma abin da yake kashe jimla shi ne a faɗe ta a inda ya kamata a amsa wa mutum maganarsa. Jimlolin nan uku suna zuwa ne a inda likita ne ke da alhakin fara magana. Ko ƙwararren likitan da ya shekara ashirin yana wannan aiki yana da kalmomin da ya saba buɗewa da su, kuma sabon ne yake ba shi damar ɗaga ido ya kalli fuskar da ke gabansa maimakon ya tsaya laluben kalma. Ga wanda zai yi jarrabawa da harshensa na biyu ko na uku, wannan buƙata ta ninka. Sharaɗi ɗaya ne: ɗalibi ya gina jimlolin da kansa, da kalmomin da bakinsa ya saba da su, kada ya ari na littafin da dubban mutane suka haddace.

Akwai kuma iyakar da shi kansa tsarin yake da ita. An gina shi ne a kan al'adar da maras lafiya shi ne mai labarinsa, shi ake fara gaya wa, shi kuma yake zaɓar wanda zai ji. Likitan da ya taso a inda ake jan babban ɗa ko miji gefe a gaya masa tukuna, dole ya san cewa a jarrabawar Birtaniya yin haka ba da izinin maras lafiya ba karya sirri ne. Akan ma shirya ɗaki na musamman a kan wannan, inda ɗa yake roƙon kada a gaya wa mahaifinsa. Mataki na uku shi ne mafita: a saurari tsoron ɗan, sannan a bayyana masa cewa mahaifin za a tambaya iya abin da yake son sani, kuma idan shi da bakinsa ya ce a yi magana da ɗansa, an mutunta zaɓinsa.

Yadda za a yi atisaye

Mutum uku da agogo sun isa: ɗaya likita, ɗaya maras lafiya, ɗaya mai lura. Mai lura ya rubuta abu uku kawai, wato mintin da aka faɗi sunan ciwon, tsawon shirun da ya biyo baya, da sau nawa likita ya yi amfani da wata kalma ko damuwa da maras lafiya ya ambata da kansa. Mai kwaikwayon maras lafiya ya riƙa sauya hali ba tare da sanarwa ba: yau kuka, gobe fushi a kan jinkirin sakamako, jibi musu cewa an yi kuskuren suna, wata rana shiru kawai. Haka kuma a riƙa sauya labarin, daga sankara zuwa ɓarin ciki, zuwa sanar da mace rasuwar mijinta, inda dole kalmar "ya rasu" ta fito kamar yadda kalmar sankara ta fito. A duk waɗannan, ƙashin jimlolin uku ba ya sauyawa, sunan abin da ya faru kawai ake musanyawa. Idan bayan zagaye biyar mai lura ya tarar amsoshin likita bayan shirun suna fitowa iri ɗaya ga mai kuka da mai fushi, haddar ta ƙetare iyakarta, sai a koma a sake zagayen da sharaɗin cewa likita ba zai ce komai ba bayan jimla ta uku har sai maras lafiya ya fara magana.